"Ta fi ta da 18": Dalilin da ya sa yaro yake tarawa a inda ya kamata ya ɗebe

A zangon karatun da ya wuce na rubuta wa 'yan aji huɗu wata tambaya a allo, a firamaren da nake koyarwa a cikin birnin Katsina. Ga yadda take: "Binta tana da ƙwai 47. Ta fi Hadiza da ƙwai 18. Ƙwai nawa Hadiza take da su?" Ban gama kakkaɓe allin hannuna ba yatsu suka fara tashi. Da na zagaya ina duba littattafai, fiye da rabin ajin 65 suka rubuta. Kuma tarawar tasu tsaf take, sun haɗa 7 da 8, sun ajiye 5, sun ɗauki ɗaya zuwa gidan gomomi, babu inda za ka ɗora jan biro. Matsalar ɗaya ce, amsar 29 ce.

Na tsaya kan wata yarinya da ke zaune a bakin taga, wadda na san tana tallar dafaffen ƙwai da yamma. Na ce ta rufe littafin. Na ce, "Ke da ƙawarki kun fita talla. Ke kina da 47 a farantinki, kuma naki sun fi nata da 18. Wa ya fi yawa?" Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta, ta ce, "Ni mana, Malam." Na ce, "To ita nawa gare ta?" Ta ɗan motsa baki, ta ce ashirin da tara. Na buɗe littafinta na nuna mata 65, na ce wannan fa? Ta ce, "Malam, ai an ce fi. Kai ka ce in muka ga fi mu tara."

Gaskiyarta. Ni na ce. A bangon ajin akwai wani kwali da na rubuta da hannuna, na raba shi gida huɗu. A gidan tarawa na jera "duka", "gaba ɗaya", "ƙari", "fi". A gidan ɗebewa "saura", "rage", "kashe", "ɓata". A gidan ninkawa "sau" da "kowane", a gidan rabawa "raba" da "kasa". Na yi shi ne da kyakkyawar niyya, domin na ga yadda yara suke daskarewa in an ba su lissafi mai labari, na ce bari in ba su makulli. Ashe abin da na koya musu shi ne su daina karanta labarin.

Wannan dabara ta farautar kalma tana da wuyar rabuwa da ita saboda tana ci, kuma ta daɗe tana ci kafin ta kā da mai ita. A aji biyu da aji uku kusan duk tambayoyin da ake ba yara iri ɗaya ne: an faɗi abin da mutum yake da shi, an faɗi abin da ya ƙaru ko ya ragu, sai a tambayi inda aka kwana. A irin wannan, kalmar da aikin lissafin tafiyarsu ɗaya. Yaro ya ga "ƙara" ya tara, ya ci. Ya ga "saura" ya ɗebe, ya ci. Shekara biyu yana samun maki cikakke ba tare da ya taɓa karanta tambaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Malam yana murna, iyaye suna murna. Sai an kai aji huɗu zuwa shida, inda abin da ake nema ya bar ƙarshen labari ya koma farkonsa ko tsakiyarsa, sannan asiri yake tonuwa.

Ɗauki kalmar "saura". Idan aka ce mai lemo yana da 65, ya sayar da 25, saura nawa, to ɗebewa ce. Amma idan aka ce ya sayar da 25, saura 40, nawa ya fito da su daga gida, kalmar tana nan daram, aikin kuwa ya koma tarawa. Yaron kwali zai cire 25 daga 40 ya rubuta 15, wato mai lemo ya fito da 15 ya sayar da 25. Haka "raba". An raba wa yara 6 dabino, kowa ya samu 4, dabino nawa aka raba? Ninkawa ce, 24. Haka "sau". Kuɗin wani yaro ya ninka na ƙanensa sau 3, wan yana da naira 900, nawa ƙanen yake da shi? Rabawa ce, 300. Babu kalma ɗaya a kwalin nan da ba zan iya juya ta ta yi kishiyar aikin da na ba ta ba. Kalma tana gaya maka abin da ya faru a labarin. Ba ta gaya maka wane adadi ne ya ɓata, kuma adadin da ya ɓata shi yake zaɓar aikin.

Akwai cutar da ta fi wannan, wato yaron da ko kalmar ba ya nema, lambobi kawai yake tsinta. A wajejen 1980 wasu masu bincike a garin Grenoble na ƙasar Faransa sun ba yaran firamare wata tambaya: akwai tumaki 26 da awaki 10 a cikin jirgin ruwa, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawan yaran ba su ce tambayar ba ta da amsa ba, sun haɗa lambobin sun ba da amsa, galibi 36. Na gwada irinta a ajina da motar dabbobi mai zuwa kasuwar Mai'aduwa, kuma na samu masu ba direba shekaru. Ba rashin hankali ba ne. Yaro ya lura, kuma lurarsa daidai ce, cewa a ajin lissafi kowace tambaya tana da amsa, kowace lamba da aka rubuta sai an yi aiki da ita, kuma aikin shi ne wanda Malam ya koyar a makon. In babin rabawa ake ciki, a raba babbar lamba da ƙarama. Littattafanmu da kansu suke taimaka wa wannan ɗabi'a, domin a ƙarshen babin ninkawa duk tambayoyin labari goma na ninkawa ne. Me zai sa yaro ya wahalar da kansa da karatu?

Kafin a yi magani sai an san inda ciwon yake, domin 65 ɗin da yara talatin suka rubuta ba ta hanya ɗaya suka iso gare ta ba. A 1977 wata malama 'yar Ostireliya, Anne Newman, ta tsara wata hanya mai sauƙi ta gano matakin da yaro yake tuntuɓe. Zama za ka yi da shi kai da shi, ka nemi abubuwa biyar ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta maka tambayar da babbar murya. Ya gaya maka da bakinsa abin da ake nema. Ya gaya maka yadda zai nemo shi. Ya yi aikin kana gani yana bayani. Sannan ya rubuta amsar. Inda ya fara kakarewa, nan ne matsalarsa, kuma ba ya cin minti biyar.

Abin da na gani da na fara yin haka ya sauya yadda nake duba littafin yara. Wani yaron a matakin farko ya tsaya. Yana bin baƙaƙe da yatsa, kafin ya kai ƙarshen jimla ta biyu ta farko ta tsere masa. Wannan ba lissafi ne ya gagare shi ba, karatu ne, kuma da na karanta masa tambayar da bakina nan take ya ce 29. In ka ƙara wa irinsa aikin ɗebewa guda hamsin ya kai gida, ka ba mai ciwon ido maganin ciki. Wata kuma ta karanta sumul, amma da na ce me ake nema sai ta ce "ƙwan Binta". Ta ɗauka wanda aka fara ambata shi ake tambaya. Mafi yawansu dai a mataki na uku suka faɗi, sun karanta, sun san ƙwan Hadiza ake nema, amma daga nan zuwa zaɓen tarawa ko ɗebewa sai suka ɗaga kai suka dubi bango. Waɗanda suka zaɓi ɗebewa amma aro ya rikita su, suka rubuta 31 saboda sun cire 7 daga 8, su ne kaɗai masu buƙatar ƙarin atisayen lissafi, kuma ba su da yawa.

Don haka na cire kwalin. Na aiki wani yaro ya samo mini karan dawa, na karya shi biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Na ɗaga su na ce wannan ƙwan mutum biyu ne, wane karan ne na Binta? Nan gardama ta kaure, kuma gardamar nake so. Wani ya ce gajeren, saboda ita aka fara faɗa. Wata ta ce a'a, ai an ce ita ta fi. Na ce a koma allo a karanta jimla ta biyu, a hankali. "Ta fi Hadiza." Wace ce "ta"? Wannan 'yar kalma mai baƙi biyu ita ce duk tambayar, kuma ita ce ido yake tsallakewa in yana gudun zuwa ga lamba. Da aka yarda dogon na Binta ne, na jera su kai ɗaya a kan tebur. Na ce 47 na wane kara ne? Na dogo. To 18 fa, ina take? Shiru ya ɗan yi tsawo. Can sai mai tallar ƙwan nan ta taso ta ɗora yatsa a kan guntun da dogon karan ya zarce gajeren da shi. Daga nan ba wanda ya sake maganar tarawa. Ido yana ganin dogon kara 47 ne, guntun da ya zarce 18 ne, abin da ake nema shi ne ragowar.

A littafi, kara yana komawa zane: sanda biyu a kwance, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, sun fara daga wuri guda. Ƙasar Singafo ta shigar da irin wannan zane cikin manhajar firamarenta tun a shekarun 1980, har ana danganta shi da ita, amma babu abin da yake buƙata da ya wuce fensir. Tsawon sandar ba sai ya yi daidai da adadin ba. Abin da ake so kawai doguwa ta zama ta mai yawa, kowace lamba ta zauna a wurinta, kuma a sa alamar tambaya a wurin da babu lamba.

In aka duba da kyau, duk tambayar tarawa da ɗebewa, kowace irin riga aka sa mata, abu uku ne a cikinta: babban adadi guda ɗaya, da ƙanana biyu da suka haɗu suka yi shi. A labarin mai lemo, abin da ya fito da shi ne babba, abin da ya sayar da abin da ya rage su ne ƙananan. A labarin ƙwai, na Binta ne babba, na Hadiza da tazarar da ke tsakani su ne ƙananan. An ba ka biyu, an ɓoye ɗaya. In babban aka ɓoye, ka tara. In ɗaya daga ƙananan aka ɓoye, ka ɗebe. Wannan ƙa'ida ba ta damu da kalmar da aka yi amfani da ita ba, kuma ba ta damu da harshen ba, abin da yake da muhimmanci a wurinmu tunda jarabawar shiga sakandare da Turanci take zuwa.

Tambayar kwatanci tana da wata wahala tata ta daban da ya kamata malami ya sani. Tazarar da ke tsakanin adadi biyu ba abu ba ce da yaro zai iya ɗauka a hannu. Lemon da aka sayar ya tafi da ƙafar mai saye, ana iya tunaninsa. Amma "18 da ta fi ta da su" ba wasu ƙwai ne na musamman ba, dangantaka ce. Wani mai bincike, Tom Hudson, ya nuna haka a 1983 da ƙananan yara a Amurka. Ya nuna musu hoton tsuntsaye da tsutsotsi, tsuntsayen sun fi yawa. Da ya tambaya tsuntsaye sun fi tsutsotsi da nawa, da yawa suka kasa. Da ya ce kowane tsuntsu zai ɗauki tsutsa ɗaya, tsuntsu nawa ne ba zai samu ba, sai akasarinsu suka amsa daidai. Lissafin bai canza ba, maganar ce ta canza. Ni nakan ara wannan in na ga yaro ya maƙale. Nakan ce Binta da Hadiza su riƙa ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya tare, har na Hadiza su ƙare, sai a ga Binta da 18 a hannu. Amma ba a tsayawa nan. In ya gane, sai a mayar da shi ga asalin maganar "ta fi ta da", domin ita zai tarar a takardar jarabawa, ba sassauƙar ba.

Abu biyu nake sa su yi yanzu kafin fensir ya taɓa lamba. Na farko, nakan rubuta tambayar in rufe lambobin da tafin hannu ko in bar gurbinsu: Binta tana da ƙwai kaza, ta fi Hadiza da kaza. Tunda babu abin tsinta, dole ido ya koma kan labarin. Sai sun gaya mini wa ya fi yawa da abin da ake nema sannan in buɗe. Na biyu, tambaya ce guda: amsar da za mu samu za ta wuce 47 ko ba za ta kai ba? Yaron da ya furta da bakinsa cewa ba za ta kai ba, in hannunsa ya kai shi 65, shi da kansa zai ja birki. In an gama kuma, ba a cewa a sake duba aiki, domin yaro zai sake tara 47 da 18 ne ya sake samun 65 ya ƙara sakankancewa. Cewa ake ya mayar da amsar cikin labarin ya karanta: Binta tana da 47, Hadiza tana da 65, Binta ta fi Hadiza. Da ya ji da kunnensa zai yi dariya.

Ninkawa da rabawa ma ginin ɗaya ne, kuma kasuwa ta riga ta koya wa yaranmu shi. Mai tumatir ya kasa kayansa kashi-kashi. Adadi uku ne a gabansa: kashi nawa ne, guda nawa ne a kowane kashi, nawa ne duka. In dukan aka ɓoye, ninkawa. In ɗaya daga sauran biyun aka ɓoye, rabawa. Abin lura shi ne rabawa fuska biyu gare ta. Tumatir 24 a yi kashi 6, nawa a kowane kashi, wannan yara sun saba da ita, ita ce rabon alewa. Amma tumatir 24 a kasa huɗu-huɗu, kashi nawa za a samu, a nan babu wanda ake raba wa komai, aunawa ake yi, kuma yara da yawa ba sa gane ta a matsayin rabawa sai an nuna musu. Alamar da ke bambanta wannan gida da na tarawa ita ce daidaito, wato abu ɗaya yana maimaituwa da adadi ɗaya. In kashin ba daidai suke ba, an fita daga ninkawa.

Ga wadda na ba 'yan aji shida, wadda ta haɗa duka. "Wani ɗan kasuwa a Daura ya fito da gero buhu 3, kowane buhu tiya 40. Da kasuwa ta tashi, saura tiya 46. Idan yana sayar da kowace tiya naira 1,500, nawa ya yi ciniki?" Farashin na tambaya ne kawai, kada wani ya je kasuwa ya ce ni na faɗa.

Amsoshin da suka zo kowace tana ba da labarin mai ita. Wanda ya rubuta 69,000 ya ninka 46 da 1,500, wato ya yi wa geron da ba a sayar ba kuɗi, saboda su ne lambobi biyu da suke maƙwabtaka a ƙarshen tambayar. Wanda ya rubuta 9,000 ya ga "saura" ya nemi abin ɗebewa, 46 ba ta fita daga 40, sai ya juya su ya samu 6, ya ninka da farashi. Wanda ya rubuta 180,000 ya fara da kyau, ya samu tiya 120, amma ya sayar da ita duka ya manta da jimla ta biyu.

Da muka zo yi tare, daga ƙarshe muka faro. Me ake nema? Kuɗin ciniki. Me ɗan kasuwar zai sani kafin ya san cinikinsa? Farashin tiya, da yawan tiyar da ta fita. Farashi an ba mu. Yawan da ya fita fa? Yara suka duba, ba ya cikin tambayar. Nan ne wahalar tambaya mai hawa-hawa take: akwai tambayar da ba a rubuta ba, kai za ka yi wa kanka ita. Muka zana doguwar sanda a matsayin duk geron da ya fito da shi, muka yanka ta biyu, ɓangare ɗaya 46 da ya rage, ɗayan alamar tambaya. Amma ita kanta doguwar sandar ba ta da lamba, tambaya ta biyu ke nan da aka ɓoye. A samanta muka yanka ta gida uku daidai, kowane 40. Dukan ne ya ɓata a kashi masu daidaito, sai ninkawa, 120. Aka sauko, babba 120, ƙarami ɗaya 46, ɗayan ya ɓata, sai ɗebewa, 74. Tiya 74, kowace 1,500, dukan ya ɓata, sai ninkawa, naira 111,000. Na nace kowace lamba a rubuta sunanta a gefenta, "tiya 120 da ya fito da su", "tiya 74 da ya sayar". Yana cin lokaci, amma wanda ya rubuta "tiya 46 da suka rage" da hannunsa da wuya ya yi musu kuɗin ciniki. Muka kuma gwada: da ya sayar da duka da ya samu 180,000, wanda ya rage kuɗinsa 69,000 ne, in ka cire sai 111,000. Masu waɗannan amsoshi biyu suka ga inda nasu lambobin suka dace a cikin labarin, abin da ya fi a ce musu kun faɗi kawai.

Ban ce hanyar ba ta da iyaka ba. A aji mai yara sittin ko fiye, ba za ka zauna da kowa minti biyar ba. Ni uku nake ɗauka a rana lokacin da sauran suke aiki, kuma ina zaɓen su ne daga irin kuskuren da na gani, ba daga ƙarancin maki ba. Zane kuma ba ya maye gurbin karatu. Yaron da bai gane jimlar ba zai zana sanda mai kyau ya ba Hadiza doguwar. Akwai kuma masu mayar da zanen wani sabon kwali, su zana sanda biyu ga kowace tambaya ko ba kwatanci a cikinta. Sannan yawan tambayoyin da ake yi a darasi yana raguwa sosai, daga goma zuwa uku ko huɗu, kuma za a samu uban da zai zo ya ce Malam, littafin yaron nan ba ya cika kamar da. Na fi son ukun, muddin a gauraye suke, ɗaya ta tarawa ɗaya ta rabawa ɗaya mai lambar da ba a buƙata, yadda babin da ake ciki ba zai raɗa wa yaro amsa ba.

Maganar Turanci kuwa, abin da nake yi shi ne a karanta tambayar yadda ta zo, sannan yaro ya rufe littafi ya ba ɗan'uwansa labarin da Hausa. Ba fassarar kalma da kalma ba, labarin. In ya iya, lissafin ya kusa. In ya kasa, na san ba a kai ga lissafi ba tukuna. Iyaye ma za su iya wannan a gida ko da ba su tuna yadda ake doguwar rabawa ba. Maimakon a ce masa tarawa za ka yi, a ce ba ni labarin, wa ya fi yawa, me aka ɓoye.

Ko an zaɓi aikin daidai, akwai sauran karatu a gaba, kuma rabawa mai saura ce take fallasa shi. Na ce ɗalibai 75 za su tashi daga Katsina zuwa Daura ganin rijiyar Kusugu, kowace bas tana ɗaukar 18, bas nawa za a ɗauko? Kusan kowa ya raba, kuma rabawar daidai, 4 saura 3. Wasu suka rubuta haka suka ajiye fensir. Wasu suka rubuta 4. Na ce to madalla, a zaɓo mini mutum ukun da za mu bari a tasha. Aji ya ɗauki hayaniya, aka gyara zuwa 5. Sai na bar lambobin yadda suke na canza jimlar ƙarshe kawai. Bas nawa za su cika maƙil? Amsa 4. In an cika na farko, mutum nawa za su shiga ta ƙarshe? Amsa 3. Rabawa ɗaya, amsa uku, kuma abin da ya bambanta su yana cikin kalmomi biyar ko shida na ƙarshen tambayar.

Wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai huɗun ma za su isa, in aka matsa." Na ce a tasha haka ne, kuma direba zai so hakan. Na koma allo na ƙara "ba ta wuce" kafin 18.